Bangajiyar intabiyu: layi biyar da ake aikawa bayan an tashi, da abin da ya kamata su ƙunsa

Idan aka gama intabiyu, mai neman aiki yakan rufe kwamfutarsa ko ya fito daga ofis ya ce saura kuma addu'a. A ɓangaren waɗanda suka yi masa tambayoyi kuwa, aikin bai ƙare ba. Wataƙila shi ne na biyu cikin mutum biyar ko shida da za su gani tsakanin ranar da washegari. Kowannensu ya ɗan rubuta wani abu a takarda, sannan sai an gama ganin kowa za su zauna su kwatanta. Kafin wannan zama ya zo, amsoshin mutane sun fara cakuɗewa a kansu: wa ya yi maganar aikin asibiti, wa ya ce ya iya lissafin kasafi, wace ce ta yi wannan tambayar mai kyau a ƙarshe.

A wannan ɗan tsakanin, daga tashi zuwa zaman yanke hukunci, saƙon godiya yake aiki. Imel ne gajere, layi huɗu zuwa shida, da mai neman aiki yake aika wa wanda ya yi masa intabiyu kafin awa 24 ta cika. A Amurka abu ne da aka saba da shi har ofisoshin ba da shawarar aiki na jami'o'i suna koyar da shi. A 2019 wata babbar edita a Business Insider, Jessica Liebman, ta rubuta cewa ita ƙa'idarta ita ce ba ta ɗaukar wanda bai aiko da saƙon godiya ba. Jama'a sun yi mata ca, musamman da hujjar cewa wannan ƙa'ida tana zaluntar wanda ya taso inda ba a san al'adar ba, kuma ni ma ina ganin suna da gaskiya. Amma maganar tata ta nuna cewa akwai masu ɗaukar aiki da suke lura da wanda ya aiko da wanda bai aiko ba. A Birtaniya abin bai kai haka ƙarfi ba. Ba wanda zai riƙe ka da laifi don ba ka aika ba, wanda ya aika kuma ba a ganinsa a matsayin mai zaƙewa muddin bai tsawaita ba.

Mu da muke kan bizar karatu ba mu da yalwar lokacin da za mu yi sakaci da irin wannan ƙaramar dama. Wanda ya gama digiri a Amurka ya shiga shirin OPT na wata 12, kwana 90 kawai aka yarda ya zauna babu aiki. Bizar da Birtaniya take bai wa wanda ya kammala karatu ita ma wa'adi gare ta, ba a sabunta ta. Mutum yakan cika takardar neman aiki sau da yawa kafin a kira shi intabiyu ɗaya, don haka idan aka kira, duk abin da zai ƙara masa nauyi ko na ƙwayar gero ne ya cancanci minti ashirin.

Godiyar da muka sani da wadda ake nufi a nan

Bahaushe ba baƙon godiya ba ne. Mu ne muke komawa gidan biki washegari yin bangajiya, mu ne muke aika yaro ya ƙara yin godiyar abin da aka riga aka gode. Sai dai wannan sabo yakan jefa mu cikin ɗayan ramuka biyu idan aka zo maganar neman aiki.

Wasunmu ba sa aikawa sam, don suna jin abin ya yi kama da kamun ƙafa. A gida, wanda ya bi bayan intabiyu yana tuntuɓar ɗan kwamiti, an san abin da yake nema. Wasu kuma suna aikawa, amma sai su ɗauko godiyarmu ta gida ɗungurungum su zuba ta cikin Turanci: yabo, ƙanƙan da kai, addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka, alkawarin ba za a ba da kunya ba, wani lokaci har da bayanin iyaye da ƙanne da suke jiran mutum ya samu aiki. A kunnenmu wannan ladabi ne. A kunnen manajan da yake Manchester ko Houston, roƙo ne, kuma yana sa shi cikin takura, don bai ɗauki kiranka intabiyu a matsayin alfarma da ya yi maka ba. Yana da gurbi, yana neman wanda zai ɗauke masa wani nauyi, ya kira ka ya ga ko kai ne.

Saboda haka kalmar godiyar kanta layi ɗaya ce tak a cikin saƙon. Sauran layukan na wani abu ne daban: abu guda da zaman intabiyun bai ƙunsa ba, wanda zai taimaki mutumin ya yanke hukunci. Saƙon da ba shi da wannan abu ba ya cutarwa, amma ana karanta shi a manta kafin a kai ga imel na gaba.

Misali, daki-daki

A ɗauka wata 'yar'uwarmu ce ta gama mastas a fannin ƙididdiga a Ingila. Wani matsakaicin kamfani mai shagunan sayar da magani 14 ya kira ta intabiyu don aikin nazarin alƙaluma. An yi zaman ranar Talata da ƙarfe 11 na safe ta Teams, minti 45, da mutum uku: manajan sashen, wata babbar ma'aikaciya da za su riƙa aiki tare, da jami'in kula da ma'aikata.

Ana cikin hira manajan ya ambata, kamar a wuce, cewa abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rahoton ƙarshen wata. Kowane shago yana aiko da nasa a tsarin da ya ga dama, sai mutum ɗaya ya shafe kwana biyu yana haɗa su. Can gaba kuma aka tambaye ta ta ba da labarin lokacin da ta yi aiki da bayanai masu hargitsi. Sai ta kawo aikin da suka yi a aji, wanda malami ya riga ya tace bayanansa kafin ya ba su. Amsa ce da ba ta da aibu, amma kowane ɗalibin mastas zai iya ba da irinta.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne a shekarar hidimar ƙasa, a wata ƙaramar hukuma a Kano, ita ce take haɗa lissafin magungunan ƙananan asibitoci tara kowane wata. Wani asibitin a littafi yake rubutawa, wani a Excel, magani ɗaya kuma sai ka same shi da rubutu kala uku. Ta zauna ta yi jadawali guda da ya bai wa kowane magani lamba ɗaya, duk yadda aka rubuta sunansa, ta kuma riƙa duba jimilla kafin haɗawa da bayan haɗawa don ta tabbata babu layin da ya ɓace. Aikin kwana uku ya koma na rabin yini. Wannan shi ne ainihin ciwon manajan, amma bai zo mata a baki ba, ko kuma ya zo ta raina shi. Da yawanmu haka muke yi: duk aikin da muka yi a gida sai mu ɗauka ba zai yi daraja a nan ba, alhali sau da yawa a can ne muka yi aikin da ya fi wuya, da kayan aiki mafi ƙaranci.

Da yammacin wannan Talata za ta iya rubuta saƙo irin wanda kowa yake rubutawa: na gode da lokacinku, na ji daɗin sanin kamfaninku, ina da yaƙinin ƙwarewata ta dace da wannan aiki, ina jiran ji daga gare ku. A cire sunan kamfanin a sa wani, saƙon bai canza ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane saƙon da babu komai a cikinsa.

Ga wanda ya fi, da Turanci za ta rubuta shi, amma ma'anarsa ke nan:

"Na gode da zaman da muka yi yau da safe. Tun da muka tashi nake tunanin abin da ka faɗa game da kwana biyun da ake kashewa wajen haɗa rahoton shaguna 14. Na taɓa fama da irinsa a Najeriya, inda nake haɗa lissafin magani na asibitoci tara masu tsari daban-daban. Da na bai wa kowane magani lamba guda, na kuma riƙa gwada jimilla kafin haɗawa da bayansa, aikin ya sauko daga kwana uku zuwa rabin yini. Idan fayilolinku na Excel ne, Power Query zai iya ɗauke yawancin wannan aiki. Zan so in nuna muku yadda zan fara, idan muka sake zama."

Bai kai kalma 120 ba. Layi na biyu ya nuna ta ji abin da aka faɗa a wuce, wanda ba a cikin tallar aikin yake ba, don haka ba za a iya kwafo shi daga ko'ina ba. Layi na uku da na huɗu sun cike giɓin amsarta ba tare da ta ce amsar ta yi rauni ba. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta ce tsoro ne ya kama ta ba. Wanda ya rubuta cewa ya san bai yi ƙoƙari a tambaya ta uku ba, ya tuna wa kwamiti abin da wataƙila ba su ma lura da shi ba. Sannan akwai lambobi: tara, kwana uku, rabin yini. Idan manajan ya shiga zaman yanke hukunci ranar Alhamis, yana da jimla guda da zai iya maimaita wa abokan aikinsa game da ita, kuma a irin wannan zama wanda ake iya bayyanawa a jimla guda ya fi wanda aka ce "ita ma dai ba laifi".

A lura da kalmar "idan" a layin Power Query. Minti 45 ta yi da su, ba ta ga fayilolinsu ba, kuma mai yiwuwa sun riga sun gwada wannan hanya ta ƙi. Shawarar da aka bayar da sharaɗi tana nuna tunani. Wadda aka bayar da gadara, kamar mutanen da suka shekara a wurin ba su san aikinsu ba, takan ɓata wa babbar ma'aikaciyar nan rai, ita da ƙila ita ce mai kashe kwana biyun.

Akwai wata riba da ta shafe mu musamman. A baki, lafazinmu yana tare da mu, kuma idan layin intanet ya ɗan yi gardama sai a yi ta "sake faɗa". A rubuce babu lafazi. Yawancin aikin ofis a ƙasashen nan imel ne, kuma wannan saƙo shi ne karo na farko da manajan zai ga yadda kake rubutu idan babu fom a gabanka. Shi ya sa kuskuren rubutu a nan ya fi tsada, musamman a sunan mutum. A kwafo sunan daga takardar gayyata harafi da harafi. Mu da ake karya mana suna kullum mun san yadda abin yake ji. Idan kuma a zaman da sunan farko suka gabatar da kansu, da shi za a kira su a saƙon, ko da harshe yana nauyin kiran babba da sunansa gatsau.

Ba kowane intabiyu ne yake barin giɓi irin nata ba. Wani lokaci abin da za a ƙara alkawari ne da aka yi a zaman, kamar an ce za a turo mahaɗin wani aiki da aka wallafa. Wani lokaci gyara ne: an faɗi wata lamba ba daidai ba, sai a gyara ta a layi ɗaya a wuce. Ko ma mene ne, guda ɗaya ake zaɓa. Kuma ya zama gaskiya tsantsa, don abin da aka rubuta shi za a fara tambaya a zagaye na biyu. Kada kuma a haɗa da fayil ɗin tsohon wurin aiki don a nuna hujja. Bayanan marasa lafiya ko na abokan ciniki amana ce, kamfanin da ya ga ka turo na wasu ya san za ka tura nasa.

Inda ba ya sauya komai

A ma'aikatun gwamnatin Birtaniya, da NHS, da yawancin jami'o'i, intabiyu na maki ne. Tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, kowane ɗan kwamiti ya ba da maki a kan abin da aka faɗa a ɗakin. A aikin gwamnati ma'aunin yakan tashi daga 1 zuwa 7 ga kowane ɓangare. Ana ajiye takardun makin don idan wani ya yi ƙorafin an nuna masa bambanci a iya nuna yadda aka yi. A irin wannan tsari, hujjar da ta zo ta imel bayan an tashi ba ta shiga lissafi, kuma sau da yawa kafin ka isa gida an riga an tattara maki. Da 'yar'uwar nan tamu a NHS ta yi intabiyunta, labarin asibitoci tara ya wuce ta ke nan, sai dai ta riƙe shi don zama na gaba.

Wannan ba ya hana aika layi biyu na godiya ta hannun wanda ya shirya zaman. Sai dai kada a yi ƙoƙarin cusa sabuwar amsa, don a nan kam zai iya kama da neman bin bayan fage. Inda saƙon yake da ƙarfi shi ne kamfanoni masu zaman kansu, ƙanana da matsakaita, ƙungiyoyin agaji, da ɗakunan bincike inda farfesa ɗaya ne zai zaɓi mataimaki. Ko a can ɗin ma, ba ya ta da intabiyun da ya faɗi warwas. Yana aiki ne idan mutum biyu sun yi kunnen doki.

Wa za a aika wa, kuma yaushe

Yawanci adireshin mutanen yana cikin gayyatar da aka turo ta kalanda. Idan babu, a aika wa jami'in da ya shirya zaman a roƙe shi ya miƙa. Idan ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata aka samu intabiyun, ta hannunsu ake bi, don tsallake su yakan jawo ɓacin rai. Lalubo lambar wayar mutum a tura masa saƙo ta WhatsApp, wanda a gida ba komai ba ne, a nan shiga hurumi ne. Gajeren saƙo ta LinkedIn ya fi shi karɓuwa idan babu wata hanya.

Mutum uku suka yi mata tambayoyi, to ko ta rubuta saƙo ɗaya ta sa su duka a ciki, ko ta rubuta wa kowa nasa daban. Abin da ba a yi shi ne a kwafa saƙo ɗaya a canza suna a aika sau uku, domin sukan tura wa juna. Ni na fi son a rubuta wa manajan cikakken saƙon, sauran biyun kuma layi bibbiyu, kowa da abin da ya fito daga bakinsa. Hakan ba zai yiwu ba sai an rubuta abin da aka ji tun da zafinsa. Da an tashi, kafin a kira gida a ba da labari, a ɗauki minti biyar a rubuta sunayensu, matsalar da suka ambata, da tambayar da aka ji ba a gamsu da amsarta ba.

Maganar awa 24 ba camfi ba ce, lissafin zaman yanke hukunci ne. Saƙon da ya iso bayan an zauna ya zama gaisuwa kawai. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Idan ranar Juma'a aka yi intabiyun, a aika kafin a tashi aiki a ranar, kada a bar shi ya nutse cikin tarin imel na safiyar Litinin. Aikawa minti biyar bayan an tashi kuma yana nuna tun kafin zaman aka rubuta shi. Awa uku zuwa shida ya isa mutum ya huce, ya rubuta, ya sake karantawa da ƙarfi.

Akwai tambayoyi biyu da suke cin ranmu, kuma hannu yakan yi ƙaiƙayin saka su a ƙarshen saƙon: nawa ne albashin, kuma za su ɗauki nauyin bizar aiki? Tambayoyi ne na halal, ta biyun ma ya fi kyau a san amsarta tun kafin a ɓata lokaci. Amma wurinsu imel ne daban zuwa ga jami'in kula da ma'aikata. Idan suka shiga saƙon godiya, su kaɗai manajan zai tuna, labarin asibitoci tara ya bi ruwa.

Bayan an aika, mai yiwuwa ba za a amsa ba. Wasu kamfanoni suna hana ma'aikatansu yin magana da masu neman aiki kafin a yanke hukunci, wasu manajojin kuma karantawa suke yi su wuce. Shirun ba ya nuna komai. Idan sun ce za a ji daga gare su ranar Juma'a, a bari Juma'ar ta wuce da kwana biyu na aiki, sannan a tambayi jami'in da ya shirya zaman a layi biyu ko akwai labari. Sau ɗaya.

Idan kuma amsar ta zo cewa an ɗauki wani, akwai saƙo na biyu, wanda ya fi na farko wuyar rubutawa: godiya a layi ɗaya, roƙon a faɗa maka inda amsoshinka suka gaza, da cewa za ka so a tuna da kai idan gurbi ya sake buɗewa. A Birtaniya neman irin wannan bayani bayan intabiyu abu ne da aka saba, kuma wuraren da suke ba da maki sukan iya gaya maka tambayar da ka samu maki kaɗan a kanta. Yakan faru kuma wanda aka zaɓa ya samu wani tayin ya ƙi zuwa, ko ya zo ya tafi bayan 'yan watanni. A lokacin, maimakon ya sake tallata gurbin daga farko, manajan yakan fara buɗe akwatin imel ɗinsa ya nemo sunan wanda ya zo na biyu.